Daga Kundi Mai Kauri Zuwa Shafi Ɗaya: Yadda Ake Taƙaita Tsarin Aiki Ga Shugabannin Sassa

Kusan duk wata ma'aikata, ko hukuma, ko jami'a, ko babban asibiti da ke ƙasar nan tana da kundin tsarin aiki na shekara biyar. Akan ɗauko ƙwararru su rubuta shi, a kira taro a ƙaddamar da shi, a raba wa manyan ma'aikata kwafi. Bayan wata shida, idan ka shiga ofishin shugaban wani sashe ka tambaye shi abin da kundin ya ɗora wa sashensa a bana, da wuya ya ba ka amsa ba tare da ya tashi ya karkaɗe ƙurar kundin ba. Sau da yawa ba lalaci ba ne. Kundin ya zo da shafi ɗari da ɗoriya, rabinsa tarihi ne da bayanin halin da ake ciki, kuma an rubuta shi ne don gamsar da masu ba da kuɗi da masu sa hannu. Mutumin da zai aiwatar da shi yana buƙatar wani abu daban, wato shafi ɗaya da zai gaya masa me ake so, da me za a auna shi, ina za a kai, zuwa yaushe, kuma wa za a tambaya idan ba a kai ba.

Yin wannan shafi ɗaya shi ne batunmu. Mutane da yawa suna ɗaukarsa aikin akawu, a kwafo kanun babi a zuba a jadawali. A gaskiya aikin yanke shawara ne, domin mai taƙaitawa dole ya zaɓi abin da zai shiga da abin da zai bari, ya sa lamba a inda kundin ya tsaya ga daɗin baki, ya kuma rubuta sunan sashe guda a inda kundin ya ce "duk masu ruwa da tsaki". Don abin ya fito fili, za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, wato sashen kiwon lafiya matakin farko na wata ƙaramar hukuma. Alƙaluman ƙaramar hukumar na misali ne, amma hanyar lissafin ita ce wadda ma'aikatan lafiya ke bi.

Tankaɗe kundin

A fannin lafiya, tsare-tsare daga sama suke gangarowa. Najeriya ta yi tsarin bunƙasa lafiya na ƙasa na farko daga 2010 zuwa 2015, ta yi na biyu daga 2018 zuwa 2022, wanda aka gina kan ginshiƙai 5 da fannoni 15 da aka ba fifiko. Jihohi sukan ɗauki na ƙasa su yi nasu, ƙananan hukumomi kuma su fitar da tsarin aikin shekara daga na jiha. Kafin kundin ya iso hannun shugaban lafiya na ƙaramar hukuma, ya tara abubuwan da ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne ko kaɗan, kamar gyaran dokoki, da manyan asibitocin koyarwa, da binciken kimiyya.

Saboda haka aikin farko shi ne a zauna da kundin da biro, a bi shi jimla bayan jimla, a ware abubuwa uku da suka cakuɗe a cikinsa. Akwai jimlolin da ke faɗin sauyin da ake son gani a rayuwar mutane, misali a rage mutuwar ƙananan yara. Waɗannan su ne manufofi. Akwai masu faɗin aikin da za a yi, kamar horar da ma'aikata ko sayen babura. Waɗannan ayyuka ne, wurinsu yana cikin tsarin aikin kowane sashe da kasafin kuɗinsa. Akwai kuma na ado, irin su "samar da ingantacciyar lafiya ga kowa da kowa", waɗanda ba wanda zai musa su kuma ba wanda zai iya auna su. A bar su a bangon kundi.

Hanyar bambance manufa da aiki mai sauƙi ce. Ka karanta jimlar, ka tambayi kanka, don me? Idan an ce a horar da ungozoma arba'in, don me? Don mata su haihu a hannun ƙwararru. To horon aiki ne, haihuwa a hannun ƙwararru ita ce manufa. Wannan bambanci yana da amfani sosai, domin sashe na iya kammala duk ayyukan da aka lissafa masa, a yi bita, a raba takardar shaida, a biya alawus, amma matan ƙauye su ci gaba da haihuwa a ɗaki kamar jiya. Idan ayyuka aka jera a shafin, wannan sashe zai fito da sakamako mai kyau alhali ba abin da ya sauya.

Bayan tankaɗewa, manufofin da suka rage bai kamata su wuce huɗu zuwa shida ba. A misalinmu huɗu ne suka tsira: yara su kammala allurar rigakafi, masu juna biyu su riƙa zuwa awo, magani da allura kada su yanke a asibitoci, sannan rahoto ya riƙa zuwa a kan lokaci. Robert Kaplan da David Norton, waɗanda suka fito da wata shahararriyar hanyar auna aikin kamfanoni a 1992, abin da suka nanata ke nan, cewa shugaba ya tsaya ga ma'aunai kaɗan da zai iya kallo a lokaci guda. Shafin da ke ɗauke da layi sittin ya koma ƙaramin kundi, kuma makomarsa ita ce makomar babban.

Ma'auni: da me za a gane an matsa?

Kowace manufa tana buƙatar ma'auni ɗaya ko biyu, wato lambar da idan ta motsa za a san abu ya motsa. A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ɗauki manufar rage mutuwar mata wajen haihuwa. Manufa ce babba, har tana cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, inda aka ce zuwa 2030 a sauko da ita ƙasa da mata 70 cikin kowace haihuwa 100,000 a duniya. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya ƙiyasta mata 512 cikin haihuwa 100,000. Sai mai taƙaitawa ya ga ya dace ya kwafo wannan ma'auni ya ɗora wa shugabar sashen lafiyar mata ta ƙaramar hukuma. Kuskure ne, kuma dalilan a fili suke. Irin wannan bincike sai bayan kusan shekara biyar ake yin sa, ba ya kuma ba da adadi na ƙaramar hukuma. Mata da yawa a gida suke rasuwa, ba wani rajista da ya san da su. Abin da ya fi ɗaure kai, ranar da sashen ya gyara aikinsa ya fara samun labarin kowace mutuwa daga masu unguwanni, adadin zai tashi a takarda, sai a zargi mai ƙoƙari da gazawa.

Abin da ya dace da shugabar sashe shi ne ma'aunin da take da iko a kansa, wanda kuma ake iya ƙirga shi duk wata daga rajistar asibiti. Misali, mata nawa cikin ɗari ne suka zo awo aƙalla sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga shawararta zuwa ganawa takwas tun 2016, amma har yanzu awo huɗu ma'auni ne da ake bibiya, kuma binciken 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na matan Najeriya ne suka samu hakan. Babban ma'auni irin na mace-mace ya zauna a saman shafi a matsayin alƙibla. Layukan ƙasa kuwa na ma'aunan da ake iya riƙe mutum da su ne.

Sunan ma'auni kaɗai bai isa ba. Dole a rubuta abin da ake ƙirgawa, da abin da ake raba shi da shi, da inda za a samo kowannensu. A rigakafi, ma'aunin da aka fi dogara da shi shi ne allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar, wadda ma'aikata ke kira Penta, da ake yi wa jariri sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14. Yaron da ya karɓi ta uku ya nuna cewa uwarsa ta dawo, ma'aikaci yana nan, allura ma tana nan. To a rubuta ƙarara cewa ana ƙirga yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya da suka karɓi Penta ta uku, a raba da adadin yaran da ake sa ran suna ƙaramar hukumar, a ninka da ɗari. Lambar sama daga rajistar asibitoci take fitowa, ta bi takardar taƙaitawa ta wata-wata, ta shiga manhajar DHIS2 da ake tattara bayanan lafiya a cikinta. Lambar ƙasa kuwa ƙiyasi ce. A al'adar tsare-tsaren lafiya a Najeriya, akan ɗauki kashi 4 cikin ɗari na jama'a a matsayin jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 5 kuma masu juna biyu.

Idan ba a rubuta wannan ba, ga abin da kan faru a taron bita. Jami'in rigakafi zai miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mun kai kashi 75." Jami'ar bayanai ta ɗaga kai daga kwamfuta ta ce, "Malam, ni dai 60 nake gani a nan." Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shi ya raba 6,000 da yara 8,000 da suka fara allurar, ita kuma ta raba 6,000 ɗin da yara 10,000 da ake sa rai. Awa guda za ta tafi a gardamar lissafi, a tashi ba a yi maganar yaro ko ɗaya ba.

Daga ina aka tashi, ina za a kai?

Ba a sa adadin da ake son kaiwa sai an san inda ake tsaye. Ƙaramar hukumar misalinmu tana da mutum 250,000 da asibitoci 30. Kashi 4 cikin ɗari na jama'arta yara 10,000 ke nan. Rajistar bara ta nuna yara 8,000 sun karɓi Penta ta farko, 6,000 sun kai ta uku. Ke nan ana tsaye a kashi 60. Yara 2,000 daga cikin 8,000 da suka fara sun yanke a hanya, wato kashi 25 cikin ɗari, alhali ƙa'idar da ma'aikatan rigakafi suka sani ita ce kada masu yankewa su wuce kashi 10.

Kundin jiha ya ce a kai kashi 90 cikin shekara biyar. Kuskuren da aka saba yi shi ne a kwafo 90 a manna a shafin bana. Shugaban sashe zai kalle ta ya san ba mai yiwuwa ba ce, ya yi watsi da ita tun watan Janairu. Kuskure na biyu shi ne a raba tazarar daidai wa daida, a ce maki shida duk shekara. Aikin ba ya tafiya a haka. Yaran farko da za a ƙara su ne na kusa, waɗanda iyayensu suka riga suka san hanyar asibiti, tuni kawai suke buƙata. Na ƙarshe su ne na rugage da ƙauyukan da rafi ke raba su da gari da damina, kuma kowane ɗayansu ya fi tsada. Don haka ya fi dacewa a tsara matakan kamar haka: 67, 74, 80, 85, sannan 90.

Daga nan sai a mai da kason ya zama kawunan yara, domin ma'aikacin asibitin ƙauye ba ya yi wa kashi cikin ɗari allura. Jama'a na ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin ɗari a shekara, don haka yaran bana za su kai 10,300. Kashi 67 na wannan adadi yara 6,900 ne, ƙarin 900 a kan na bara. A wata uku 1,725 ke nan, a wata ɗaya 575. Idan aka raba wa asibitoci 30, matsakaicin asibiti zai tashi daga yara kusan 17 a wata zuwa 19. Lambar da ta yi kama da dutse a kundi ta koma ƙarin yara biyu ko uku a wata. Ba a raba ta daidai a aikace, domin asibitin cikin gari da na ƙauye ba ɗaya ba ne, kowanne za a ba shi gwargwadon jama'ar da yake kula da su.

Lissafin ya kuma nuna inda aikin yake. Idan masu fara allura suka ƙaru kaɗan zuwa 8,400, aka rage masu yankewa daga kashi 25 zuwa 18, za a samu yara 6,888, wato an kusan cika adadin. Ma'ana, mafi yawan ƙarin zai fito ne daga bibiyar yaran da sunayensu ke cikin rajista tun tuni, a duba waɗanda ranarsu ta wuce, a kira lambar waya ko a aika ta hannun mai unguwa. Shugaban da ya ga wannan zai san cewa kuɗin man babur da katin waya sun fi masa amfani a kan gangamin kasuwa da lasifika.

Abu na ƙarshe a nan, a kai kowane adadi gaban mai kula da kuɗi kafin a buga shi. Idan kai wa ga kashi 67 na buƙatar fita ƙauyuka sau biyu a wata, kasafin kuma ya tanadi sau ɗaya, to ko dai a ƙara kuɗin ko a rage adadin. Barin su biyun a takarda yadda suke yaudarar kai ce.

Wa za a tambaya?

A 1981 wani masanin harkar gudanarwa mai suna George Doran ya rubuta gajeriyar maƙala da ta shahara, inda ya kawo sharuɗɗa biyar na kyakkyawar manufa: ta zama takamaimiya, mai aunuwa, an faɗi wanda zai yi ta, mai yiwuwa, kuma mai wa'adi. Sharaɗi na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa a ofisoshinmu. Ka duba gurbin "mai alhaki" a yawancin jadawalai, za ka tarar da sassa uku ko huɗu a jere, ko kuma a rubuta "kwamiti", ko sunan ƙungiyar agaji da ke taimakawa.

Ƙa'idar ita ce layi ɗaya, sashe ɗaya. Sauran da ke da hannu a aikin sai a sa su a gurbin masu tallafawa. Ko muradun Majalisar Ɗinkin Duniya, masu manufa 17 da ƙananan ƙudurori 169, an ware wa ma'aunansu hukumomin da ke riƙon alhakin tattara bayanansu, kamar yadda aka ba Hukumar Lafiya ta Duniya ma'aunin mutuwar mata wajen haihuwa. Sunan muƙami ake rubutawa, kamar shugaban sashen rigakafi, saboda ana sauya wa ma'aikata wurin aiki, shafin kuma ya kamata ya ci gaba da aiki bayan an sauya su. Ƙungiyar agaji ba ta zama mai alhaki, domin shugaban hukuma ba shi da ikon tuhumarta, kuma wa'adin aikinta na iya ƙarewa a tsakiyar tsari.

Wani lokaci akan tarar da layin da sassa biyu ke da hannu a cikinsa sosai, har a rasa wanda za a ba. Jami'in rigakafi zai ce ta yaya za a tuhume shi da ƙarancin yara alhali firjin asibitoci goma sha biyu sun lalace, allurar kuma dole ta zauna a sanyin da ke tsakanin digiri 2 da 8? Yana da gaskiya. Maganin shi ne a raba layin gida biyu. Shi ya riƙe adadin yara, jami'in kula da sanyin allurai ya riƙe adadin firjin da ke aiki. Ranar bita, idan yara sun yi ƙasa kuma firji sun yi ƙasa, an san inda matsalar ta faro. Idan firji sun cika amma yara ba su ƙaru ba, uzurin ya ƙare. Gwajin da za a yi wa kowane layi kafin a ɗora shi a kan wani shi ne, shin wannan sashe yana da ma'aikata da kuɗi da ikon da zai iya motsa wannan lamba? Idan babu, an ɗora masa laifi ne tun kafin a fara.

Ga yadda shafin misalinmu zai kasance:

| Manufa | Ma'auni | Bara | Ƙarshen bana | Mai alhaki |
|---|---|---|---|---|
| Yara su kammala rigakafi | Kason yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya da suka karɓi Penta ta uku | 60 cikin ɗari | 67 cikin ɗari | Sashen rigakafi |
| Yara su kammala rigakafi | Kason waɗanda suka yanke tsakanin Penta ta farko da ta uku | 25 cikin ɗari | 18 cikin ɗari | Sashen rigakafi |
| Masu juna biyu su zo awo | Kason waɗanda suka zo awo aƙalla sau huɗu | 40 cikin ɗari | 48 cikin ɗari | Sashen lafiyar mata da yara |
| Kada magani da allura su yanke | Asibitocin da firjinsu ke aiki | 18 cikin 30 | 24 cikin 30 | Sashen kula da sanyin allurai |
| Kada magani da allura su yanke | Asibitocin da wani muhimmin magani ya yanke musu cikin wata uku | 12 cikin 30 | 5 cikin 30 | Sashen magunguna |
| Rahoto ya zo a kan lokaci | Asibitocin da rahoton wata ya iso kafin wa'adi | 21 cikin 30 | 27 cikin 30 | Sashen bayanai |

A bayan shafin sai a rubuta ma'anar kowane ma'auni da inda ake samo lambarsa, da jerin magungunan da ake nufi da "muhimmi", da ranar da ake nufi da "wa'adi", da masu tallafa wa kowane layi. Kowane shugaban sashe ya ga shafin gaba ɗaya, don ya san wanda ya dogara da shi da wanda shi ma ya dogara da shi. Kuma kada a kai masa shi a matsayin umarnin da aka gama. A zauna da shi tun ana daftari, ya kawo rajistarsa, ya yi gardama a kan lambar bara, ya sa hannu a kan ta bana. Sashe kuma kada ya ɗauki fiye da layi biyu ko uku, don taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma.

Yadda shafin ke lalacewa, da yadda ake ganewa

Masanin tattalin arziki na Birtaniya Charles Goodhart ya yi wata lura a 1975 da ta zama sananniya, wadda ma'anarta ita ce, da zarar an mai da ma'auni abin da ake hukunta mutane da shi, sai ya fara rasa amincinsa. Ma'aikacin da aka ce za a tsayar da alawus ɗinsa idan bai kai yara 19 ba zai kai su, ko da a takarda ne. Alamomin hakan ba su da wuyar gani ga mai dubawa. Asibitin da yaran Penta ta uku suka fi na ta farko yawa wata bayan wata abin tambaya ne. Haka wanda lambarsa ba ta sauyawa, rani da damina, azumi da sallah. Gwaji mafi ƙarfi shi ne a haɗa rahoton sashe ɗaya da na wani. Idan littafin ajiya ya nuna asibiti ya karɓi kwalba 5 masu ɗaukar allura goma-goma, ba shi kuma da ragowar watan jiya, amma rahotonsa ya ce ya yi allura 80, to allura 30 daga biro suka fito. Duk wata uku, jami'in bayanai ya zaɓi asibitoci kaɗan ya je da kansa, ya buɗe rajista ya ƙirga sunaye, ya gwada da abin da aka aiko. Shi ya sa ba a barin sashen da ake aunawa ya zama shi ne mai tabbatar da lambarsa.

Lambar ƙasa ma tana yaudara. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya a 2006 aka yi ta, duk adadin da ake aiki da shi yau hasashe ne aka ɗora a kanta. Garin da 'yan gudun hijira suka cika, ko mai babban asibitin da maƙwabta ke zuwa, yana iya nuna kashi 120 cikin ɗari, wanda kuma mutanensa suka watse ya nuna 30 duk da ƙoƙarin ma'aikatansa. Duk inda aka ga adadi ya haura ɗari, a fara zargin ƙiyasin jama'a. Wannan shi ne amfanin layi na biyu a jadawalin, domin kason masu yankewa daga rajista kaɗai ake fitar da shi, ba ruwansa da ƙidaya.

Hanya ta uku da shafin ke mutuwa ita ce a rasa ranar duba shi. A tsayar da taron bita duk wata uku, a sa ranakun a shafin tun farkon shekara. A taron, layin da ke kan hanya ba ya buƙatar dogon jawabi. Lokacin ya tafi kan wanda ya yi baya. Idan ƙarshen Maris ya zo da yara 1,400 maimakon 1,725, tambayar ita ce a waɗanne asibitoci giɓin 325 ya fito, me ya jawo, wa zai yi me kafin ƙarshen Yuni. A rubuta amsar, a fara taro na gaba da karanta ta. Idan wani abu babba ya faru, kamar ambaliya ko rashin tsaro da ya rufe asibitoci, ana iya sauya adadin, amma a yi shi a fili, a rubuta dalili da kwanan wata, a bar tsohon adadi a gefe. Sauya shi a ɓoye a watan Disamba don rahoto ya yi kyau shi ne ke sa ma'aikata su daina ɗaukar kowane adadi da muhimmanci.

A kuma sani cewa shafin bai ƙunshi dukan aikin hukuma ba. Ba ya auna yadda ma'aikaciya ke karɓar mai naƙuda da tsakar dare, ba ya kuma soke sauran ayyukan yau da kullum da ba su samu layi ba. Abin da yake yi shi ne nuna 'yan abubuwan da aka amince za a matsa su a bana.

Wannan hanya ba ta asibiti kaɗai ba ce. Makaranta za ta sa kason ɗaliban da suka ci jarrabawa, hukumar ruwa ta sa adadin famfunan da ke aiki, matakan dai su ne. Idan kai shugaban sashe ne, gobe ka nemi kundin ma'aikatarku, ka fitar da layukan da suka shafe ka, ka rubuta lambar bara da ta bana da inda za a samo su, ka kai wa shugabanka ku daidaita. Idan kuma kai ne shugaban, kada ka sa hannu a kan jadawalin da ke da layi ko ɗaya wanda ba shi da lambar farawa, ko wa'adi, ko sashe guda da za ka kira ka tambaya.